Yadda Ake Ɗaure Sakin Layi da Ɗan'uwansa a Insha'in Muhawara Kan Littafin Adabi

A ajin yamma da nake koyarwa a Agege, ranar wata Asabar, wata ɗaliba ta miƙo mini insha'inta a kan littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shafi biyu da rabi ne, rubutu mai tsabta, sakin layi biyar. Na ɗauki jan biro na zagaye kalmomin da suka buɗe kowane sakin layi. Na biyu ya fara da "Haka kuma", na uku "Bugu da ƙari", na huɗu "Har ila yau", na biyar "Daga ƙarshe". Ta leƙo ta ce, "Malam, ai na sa kalmomin haɗi a ko'ina, ko ɗaya ban maimaita ba." Gaskiyarta, ba ta maimaita ba. Sai dai ukun farko ma'anarsu ɗaya ce, wato "ga wani kuma", alhali sakin layinta na uku yana ƙaryata na biyu ne, na huɗu kuma yana mayar wa na uku martani. Ta karanta littafin, ta fahimce shi, har ta gano hujjoji masu kyau, amma kalmomin da ta zaɓa sun ɓoye gardamar da ke cikin aikinta.

Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran mota a Agege ya san amfanin kiran kwandasta. In ya ce Oshodi, ka shiga ne da sanin inda za a kai ka. In ka ga mota ta karkata ta nufi Iyana Ipaja, ranka zai ɓaci ko da kujerar tana da daɗin zama. Aikin kalmar haɗi ke nan a bakin sakin layi: tana shaida wa mai karatu inda za a nufa da shi. Don haka ba a zaɓenta sai an san hanyar. Ga yadda muka gyara insha'in nan, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: taƙaita kowane sakin layi a jimla ɗaya

Ajiye maganar kalmomin haɗi tukuna. A gefen takarda, ko a bayanta, rubuta abin da kowane sakin layi yake iƙirari, a jimla guda. A kula, iƙirari ake nema. "Labarin Makau, mijin uwar Umar" kan magana ne kawai. "Harin bayi ne ya rusa gidan Makau" iƙirari ne, domin wani yana iya yarda, wani kuma ya musa.

Tambayar da ɗalibar take amsawa ita ce: shin littafin Shaihu Umar, wanda aka fara bugawa a 1934, yana sukar bauta ne, ko kuwa yana koyar da haƙuri da ƙaddara ne kawai? Matsayinta shi ne yana sukar bauta. Da muka tace sakin layinta, ga abin da ya rage:

1. Littafin yana sukar bauta ta hanyar nuna yadda take wargaza iyali.
2. Sharrin da fadawa suka ƙulla wa Makau kan bayin da aka kamo a hari shi ya sa sarki ya kore shi, kuma wannan korar ce ta kai ga sace Umar.
3. A hannun Abdulkarim, Balaraben da ya tafi da shi, Umar ya sami gata da ilimi har ya zama malami.
4. Uwar Umar, da ta fita nemansa, an yaudare ta an sayar da ita, ta rasu jim kaɗan bayan sun haɗu a Tarabulus.
5. Natsuwar da Umar yake ba almajiransa labari da ita a Rauta, garin da ya zauna daga baya, ba ta rage nauyin abin da ya faɗa ba.

In ka kasa mayar da sakin layi jimla ɗaya, to magana biyu ce ka cusa a ciki, sai ka raba shi. Babu kalmar haɗin da za ta iya ɗaure sakin layin da bai san abin da yake faɗa ba.

Mataki na biyu: faɗi dangantakar da bakinka

Yanzu ɗauki jimlolin bibbiyu, ta 1 da ta 2, ta 2 da ta 3, har ƙarshe. A kowace mahaɗa ka tambayi kanka: wannan na biyun, me yake yi wa na farkon? A insha'in muhawara amsar ba ta cika wuce ɗayan biyar ba. Ko dai yana kawo masa shaida, ko yana ƙara masa wata hujja irin tasa, ko yana nuna abin da ya haifar, ko yana ba abokin gardama dama ya yi magana, ko kuma yana mayar wa abokin gardamar martani.

Na sa ɗalibar ta faɗa da baki, kamar tana yi wa ƙanwarta bayani a tsakar gida. Tsakanin 1 da 2 ta ce, "Ga inda abin ya fara bayyana." Shaida ke nan. Tsakanin 2 da 3 ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To amma Malam, wani zai ce ai Umar ya ji daɗi." Na ce mata, "Madalla, 'yata, wannan da kika faɗa yanzu shi ne bai hau takardarki ba." Tsakanin 3 da 4 kuwa ba ta ko tsaya tunani ba: "Shi ya ji daɗi, uwarsa fa?" Kusan kullum haka nake gani. Yaran da suka tashi a Legas, waɗanda Hausa da Yarabanci da Turanci suke cakuɗe a bakinsu, in suna gardama a baki ba sa kuskuren mahaɗi ko kaɗan. Sai sun riƙe biro ne suke komawa ga 'yan kalmomin da suka haddace.

Mataki na uku: zaɓi kalmar da ta dace da dangantakar

Nan ne ya kamata a daɗe, domin kalmomin da ake ɗauka ɗaya ne, kowace da aikinta.

Mu fara da na ƙari, tunda su aka fi ɓarnatarwa. "Haka kuma" da "har ila yau" suna ajiye hujja kusa da hujja, nauyinsu ɗaya. "Bugu da ƙari" tana nuna an ɗora wani abu a kan wanda ya riga ya isa. "Uwa-uba" kuwa alkawari ce cewa abin da ke tafe ya fi duk na baya girma, don haka sau ɗaya ake amfani da ita a insha'i, kuma a kan hujjar da ta fi ƙarfi. Akwai gwaji mai sauƙi a nan: in za ka iya musanya wurin sakin layin biyu ba tare da komai ya lalace ba, dangantakarsu ta ƙari ce, "haka kuma" ta dace. In musanyawar ta rikita zancen, akwai wata dangantaka da ta fi ƙari zurfi, sai ka nemo ta. Gwada musanya na 3 da na 4 a jerinmu ka gani. Wahalar uwar za ta zo kafin a ambaci gatan ɗan, martani ya riga zargi ke nan.

Sai na sakamako: "saboda haka", "don haka", "shi ya sa", "sakamakon haka". Waɗannan suna da haɗari a sharhin adabi, domin dalili iri biyu ne yake yawo a cikin rubutun. Akwai dalili na cikin labari, kamar korar Makau da ta jawo uwar Umar ta bar ɗanta a hannun wata ta tafi ganin iyayenta, har aka sace shi. Akwai kuma dalili na gardamarka, wato abin da kai marubuci ka ciro daga hujja. Shawarata ita ce ka bar "sakamakon haka" da "shi ya sa" ga abin da ya faru cikin labari, ka keɓe "saboda haka" da "ke nan" ga hukuncin da kake yankewa. Ba doka ba ce ta nahawu, amma in ka riƙe ta mai karatu ba zai ruɗe ba tsakanin abin da marubucin littafi ya tsara da abin da kai ka fahimta. Kafin ka rubuta "saboda haka", juya maganar ka gani: sakin layi na biyu gaskiya ne domin na farko gaskiya ne? Na sha ganin an gama bayanin rasuwar uwar Umar, sai sabon sakin layi ya buɗe da "Saboda haka Umar ya zama babban malami." Rasuwarta ba ita ta ba shi ilimi ba, karatun da ya yi a ƙasar Larabawa ne. Mai duba takarda yana ganin irin wannan zai san an sa kalmar ne don cike gurbi.

Na uku, kuma su ne ƙashin bayan muhawara, kalmomin saɓani da na sallamawa. Insha'in da bai ba abokin gardama fili ba, wa'azi ne. Amma fa dole mai karatu ya san cewa muryar da zai ji yanzu ba taka ba ce. Abin da ya ɓata insha'in ɗalibata ke nan: da ta buɗe sakin layi na uku da "Bugu da ƙari", sai ya zama kamar ita ce take kafa hujja da gatan Umar don ta nuna munin bauta, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Ana buɗe irin wannan sakin layi da "Mai yiwuwa wani ya ce", ko "Gaskiya ne cewa", ko "Ba a musun cewa". Kowace daga cikinsu bashi ce ka ci, kuma sakin layin da ke biye ne zai biya da "amma", "sai dai" ko "duk da haka". In ka ce "gaskiya ne" ba ka dawo da "amma" ba, ka miƙa wa abokin gardamarka nasara.

Su ma ukun nan akwai bambanci a tsakaninsu. "Amma" tana juya akala kai tsaye. "Sai dai" ta fi taushi, tana karɓar maganar da ta gabata sannan ta nuna inda ta gaza, kamar mai cewa kayan sun yi kyau sai dai tsada. "Duk da haka" tana nufin na yarda da duk abin da aka faɗa, kuma matsayina yana nan. "Akasin haka" kuwa ta fi su duka zafi, tana cewa maganar baya ƙarya ce ɗungurungum. Ba za ka yi amfani da ita a kan gatan Umar ba, domin littafin da kansa ya nuna Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Wanda ya musa abin da ke rubuce a littafi ya zubar da hujjarsa da hannunsa.

Akwai wasu kalmomi da nake roƙon ɗalibai su yi kaffa-kaffa da su: "sannan", "daga nan", "bayan haka", "ana nan sai". Kalmomin lokaci ne, na mai ba da labari. Da zarar ɗaya ta buɗe sakin layi, hannu yakan zarce da maimaita labarin littafin, daga Kagara zuwa Kano, daga Kano zuwa hamada, a manta da tambayar da aka yi. In ka duba takardarka ka ga sakin layi biyu a jere sun fara da su, to ka bar sharhi ka koma taƙaita labari. A cikin sakin layi suna da amfani, wajen kawo shaida a gajarce. A bakinsa ne ba a son su.

Mataki na huɗu: sa ƙugiya

Kalmar haɗi ita kaɗai ba ta riƙe nauyi. Dubi "duk da haka". Wane "haka"? Sakin layin da ya gabata yana iya ƙunsar jimla bakwai, mai karatu bai san wacce kake nufi ba. Maganin shi ne ka cire "haka" ka sa sunan abin. A maimakon "Duk da haka", rubuta "Duk da wannan gata da Umar ya samu". A maimakon "Saboda haka", rubuta "In aka auna gatan ɗan da wahalar uwar". Wannan nake kira ƙugiya: kalma ɗaya ko biyu da ka ɗauko daga ƙarshen sakin layin baya ka rataya sabon a kansu. Jimlar farko ta sakin layi sai ta zama rabinta tana waiwaye, rabinta tana duban gaba.

Ga mahaɗar da ta fi wuya, tsakanin na 3 da na 4, yadda ɗalibar ta fara rubuta ta:

"...Ta haka Umar ya yi karatu mai zurfi har ya zama malamin da ake girmamawa.

Har ila yau, mahaifiyar Umar ta fita nemansa, aka yaudare ta aka sayar da ita."

Ga ta bayan gyara:

"...Ta haka Umar ya yi karatu mai zurfi har ya zama malamin da ake girmamawa, abin da zai sa mai karatu ya zaci bauta alheri ta zame masa.

Sai dai wannan alheri na mutum ɗaya ne, kuma littafin bai bar mu mun manta da wadda ta biya kuɗinsa ba. A daidai shekarun da Umar yake gaban malami, mahaifiyarsa tana hannun waɗanda suka saye ta."

Abu uku aka yi. An ƙara wa ƙarshen sakin layi na uku 'yar jela da ta fito da zargin fili, ta ajiye kalmar "alheri". An buɗe na huɗu da "sai dai", domin ba a musa alherin ba, iyakarsa aka nuna. Sannan "wannan alheri" ta ɗauko kalmar da aka ajiye. Lura kuma cewa jimlar farko ta sabon sakin layin iƙirari ce, labarin sayar da uwar ya biyo baya a matsayin shaida. Sau da yawa gyaran mahaɗa yana farawa ne daga ƙarshen sakin layin sama, ba a jira sai an sauko ƙasa.

Hattara ɗaya game da ƙugiya: kada ka sauya kalmar don ƙawa. In ka ce "alheri" a sama, kada ka dawo ka ce "wannan ni'ima" a ƙasa, domin mai karatu zai tsaya yana tambaya ko wani abu ne dabam. Maimaita kalmar da gardama ta rataya a kanta ba aibi ba ne.

Mataki na biyar: yi amfani da ƙananan kalmomin da Hausa ta tanada

Abin yana damuna in ga ɗalibi Bahaushe ya mallaki "kuwa", "ma", "dai" da "fa" a bakinsa, amma ko ɗaya ba ta shiga rubutunsa ba. Waɗannan ba sa zuwa a farkon jimla, suna bin bayan kalmar da ake son haskawa, kuma suna ɗaure sakin layi ba tare da hayaniya ba. "Mahaifiyarsa kuwa, hanyar da ta bi dabam ce" ta kwatanta mutum biyu da kalma ɗaya tak. "Makau ma bai tsira ba" ta ƙara hujja, ta fi "bugu da ƙari" sauƙi a kunne. "Wannan natsuwar dai ita ce abin dubawa" ta dawo da mai karatu kan abin da aka ɗan bari. "Fa" ta fi kusa da hira, don haka a rage ta a takardar jarrabawa.

Game da alamomin rubutu, dogayen mahaɗai irin su "duk da haka" da "bugu da ƙari" suna son waƙafi a bayansu in sun buɗe jimla. "Amma" da "sai dai" ba sa buƙatarsa, a bar su su manne da abin da ke biye.

Da wannan muka gyara sauran mahaɗun. Sakin layi na 2 ya koma farawa da "Wannan wargajewar iyali daga fada ta faro." Babu wata kalmar haɗi a ciki sai ƙugiya, kuma ta wadatar, domin dangantakar shaida ce kuma a fili take. Na 3 ya fara da "Mai yiwuwa wani ya ce satar nan ita ce ta buɗe wa Umar ƙofar ilimi." Na 5 kuwa mun cire masa "Daga ƙarshe", wadda ba ta faɗin komai sai cewa takarda ta kusa cika, muka sa: "In aka jera rabon ɗan da na uwar, natsuwar da Umar yake ba da labari da ita a Rauta sai ta ɗauki wata ma'ana."

Mataki na shida: gwada

Karanta jimlar farko ta kowane sakin layi kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, ka tsallake sauran. A gida ka karanta da ƙarfi, a ɗakin jarrabawa ka karanta a zuci, minti biyu sun isa. In wanda bai ga insha'in ba zai iya gane matsayinka, da inda ka ba abokin gardama dama, da inda ka amsa masa, daga waɗannan jimloli biyar kawai, mahaɗunka sun yi aiki. In abin da ya fito jerin sunaye ne da garuruwa, ka koma mataki na biyu.

Gwaji na biyu shi ne ka rufe kalmar haɗin da yatsa ka karanta. Wani lokaci za ka ga babu abin da ya ragu, sai ka goge ta. A insha'i mai sakin layi biyar ko shida, mahaɗai biyu ko uku ne suke buƙatar kalma mai ƙarfi, galibi inda gardama ta juya. Sauran ƙugiya ta ishe su.

Akwai kuma lokacin da za ka gwada "amma" ba ta zauna ba, ka gwada "saboda haka" ta ƙi, "haka kuma" ma ka ji ta bambaraƙwai. Kada ka tilasta. Alama ce cewa sakin layin ba nan ne wurinsa ba, ko kuma ba na wannan insha'in ba ne. Mako biyu bayan wancan gyaran, ɗalibar ta kawo sabon kwafi, ta ƙara sakin layi a kan guguwar rairayi da ta hallaka ayarin su Umar a hamada, ta saka shi tsakanin na 4 da na 5. Bayaninta ya yi kyau ƙwarai, amma ta bar gurbi a farkonsa ta ja layi da fensir. Ta ce, "Malam, na rasa kalmar da zan sa." Na tambaye ta me guguwar take yi wa maganar wahalar uwar. Ta yi tunani ta ce ba ta yi mata komai, hujja ce ta masu cewa littafin na ƙaddara ne. Sai ta ɗauke sakin layin ta mayar da shi sama, bayan na 3, inda abokin gardama yake magana, ta buɗe shi da "Masu wannan ra'ayi suna iya ƙarawa da tsirar Umar daga guguwar hamada." Wannan ya tilasta mata taɓa sakin layin da ke biye, tunda yanzu hujja biyu zai amsa, ta mayar da "wannan alheri" ta zama "gatan da tsirar duka".